Abin da ya rage bayan ƙashi

Mijina, wanda muke kira Malam, mai gashin tsire ne, abin da mutanen Douala ke kira soya. Wurinsa yana bakin wata mahaɗa a New Bell, kusa da inda 'yan benskin ke tsayawa da baburansu suna jiran fasinja. Tun kafin ya aure ni yake can. Ban taɓa tambayarsa yadda sana'ar take tafiya ba. Na dai san da safe yakan dawo daga kasuwa da nama da kaji, ya zauna a tsakar gida ya yi ta yanka, ni kuma in daka masa yaji da ƙuli-ƙuli. Abinci bai taɓa yankewa a gidanmu ba, yara kuma suna zuwa makaranta.

Wata safiya da damina ya sunkuya zai ɗauki buta, sai ya faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne. Ya dawo gida ɓarin damansa a shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa, “to”. Da ita yake neman ruwa, da ita yake fushi.

Ƙaninsa ne ya karɓi wurin. Ya daɗe yana taya shi juya nama a kan wuta, ya san masu saye, sun san shi. Yanka ne kawai bai saba ba, domin yayansa ba ya barin kowa ya taɓa wuƙarsa. Muka raba aikin: shi ya je kasuwa, mu yanka tare a gida, ya tafi ya gasa.

Ciniki bai ragu ba. Kullum naman yana ƙarewa. Amma duk safiya abin da zai koma kasuwa da shi sai ya gaza na jiya. Na fara ƙara masa daga kuɗin maganin yayansa. Shi dai abu ɗaya yake faɗa.

“Yaya, sikelin mahaucin nan ne. Ya ga Malam ba ya nan, shi ya sa yake cutarmu.”

Akwai wata maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Basa ce, ta manyanta, tana aiki a kicin ɗin wani otal a Akwa. Ɗakinta yana jikin namu, duk abin da ake faɗa tana ji. Wata rana ta same ni ina shanya, ta ce da ni da Faransanci, “Kada ku yi faɗa da mahauci tukuna. A wurinmu kafin a sa wa abinci farashi sai an gwada naman. Ranar hutuna zan zo da sikeli.”

Ta zo da shi a cikin jaka, ɗan ƙarami mai aiki da batir. Ta sa ƙanin mijina ya sayo iri biyu: cinya mai ƙashi, wadda ya saba saye don ta fi araha, da tsoka marar ƙashi. Kowanne kilo biyar. Da kaji biyu masu rai, kamar kullum. Muka shimfiɗa leda a baranda saboda ana yayyafi. Aka fito da Malam aka jingina shi da bango, yana kallonmu.

Ta fara ɗora naman yadda ya zo daga kasuwa. Kilo biyar cif, duka biyun. Ƙanin mijina ya ce a sake. Aka sake. Bai ƙara ambaton mahauci ba.

Sai ta jera kwanoni uku ta ce ya yi aikinsa yadda ya saba, amma kada ya jefar da komai. Ƙashi a kwano ɗaya, kitse da jijiya a na biyu, naman da zai hau tsinke a na uku. Da ya gama cinyar ta auna kowane kwano. Ƙashi kilo ɗaya da rabi. Kitse da jijiya rabin kilo. Naman kirki kilo uku.

“Nawa ka saya?”

“Jaka uku kilo.” Jaka a wurinmu dubu ɗaya ce ta sefa.

“Jaka goma sha biyar ke nan. Ƙashin fa, kana sayarwa?”

Ya ce mai tuwo takan karɓa, wannan zai yi jaka ɗaya da rabi. Ta cire wannan, ta raba sauran gida uku a wayarta, ta juyo mana da fuskar wayar. Naman da muke cewa jaka uku, jaka huɗu da rabi yake tsaya mana.

Tsokar kuwa, da ake sayarwa jaka uku da rabi, rabin kilo kawai ta zubar. Da aka raba, kilonta bai kai jaka huɗu ba. Ashe mai tsadar ita ce mai arahar. Na ji wani sanyi a raina, na ce to ai an gano, daga gobe sai a koma tsoka.

Ta ce, “Ma sœur, 'yar'uwata, ba mu gama ba. Mai saye ba kilo yake saye ba, tsinke yake saye.”

Ta ware kilo ɗaya ta ce ya yanka ya soke kamar na sayarwa. Ya yi, na taya shi. Tsinke arba'in suka fito. Tsinke a mahaɗarmu sefa ɗari ne, duk wanda ke gashi a layin haka yake sayarwa. Ba sai an taɓa waya ba. Nama na kusan jaka huɗu, a sayar da shi jaka huɗu. Ba a yi maganar gawayi ba, ko mai, ko albasa, ko yajin da nake dakawa, ko tikitin da ake biya na wuri. Da cinya mai ƙashi kuwa, kowane tsinke da ya sayar, mu muke cika wa mai saye kuɗinsa.

Na ce ko za a rage girman yankan. Ta sa aka gasa goma a kan murhuna, ta auna su kafin wuta da bayanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, ruwa da mai sun ɗige cikin gawayi. Na dubi abin da ya rage a jikin tsinken. Idan aka rage wannan, ban san me za a miƙa wa mutum ba.

Kajin ma haka. A kasuwa kaza da ido ake sayenta, ba a aunawa. Ɗaya ta yi kilo biyu da ranta. Aka yanka, aka fige, aka cire kai da ƙafafu da kayan ciki, ta dawo ƙasa da kilo ɗaya da rabi. Bayan gashi da kyar ta kai kilo ɗaya. Jaka uku da rabi aka saye ta, gida huɗu ake raba ta, kowane gida jaka ɗaya. Ribar kaza guda, in an haɗa da ƙundu da hanta da ake sokewa daban, ba ta wuce ta sayi gawayin da ya gasa ta da ɗan mai ba. Ta biyun ta fi ta farkon yawan gashin jiki da girma a ido, da aka fige sai ta fito ƙarama, kuɗinsu kuma ɗaya.

Ƙanin mijina ya zauna a bakin baranda, hannayensa duk kitse. Can ya ce, “Amma Malam da wannan farashin yake sayarwa. Nama bai tashi sosai ba tun da ya kwanta.”

Maƙwabciyar ta tambaye shi tsinke nawa yayansa ke fitarwa a kilo. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, amma tiren Malam yakan cika ya yi tozo, nasa kuwa ba ya kaiwa baki. Ya ce Malam yana buɗe tsoka ne kamar ana warware rawani, ta fito da faɗi, siririya, ba ta yage ba. A ido tsinkensa ya fi girma, a sikeli ya fi sauƙi. Kuma in ya gama da ƙashi, ko kare ba zai samu abin lasa ba. Shi ya san wace cinya zai nuna a kasuwa, wace kaza zai ɗaga ya ajiye.

Duk muka juya muka dubi Malam. Yana jin komai. Idanunsa suna kan kwanon ƙashi, inda jan nama ke manne a jikin kowane guntu.

Na ɗauki katako da wuƙa da guntun tsoka na kai gabansa. Na ce, “Malam, nuna mana. Ko da hannuna ne.”

Ya kama wuyan hannuna da hagunsa, ya kwantar da wuƙar, ya ɗan ja. Na bi. Ya ce “to”. Na ci gaba, ya ƙara cewa “to” da ƙarfi, ban sani ba ko daidai nake yi ko ɓatawa. Naman ya huje a tsakiya. Muka sake da wani. Ya karɓi wuƙar da kansa, amma babu hannun da zai danne tsokar, sai zamewa take a kan katako. Na danne masa, ya ture hannuna, ina jin tsoro yake kada ya yanke ni. Ya yi ta motsa baki, jijiyar wuyansa ta tashi. Daga baya ya ajiye wuƙar a hankali, ya juya fuskarsa bango. Maƙwabciyar ta tattara sikelinta ta tafi. Da yamma ta aiko mana da ayaba dafaffiya.

Mun gwada duk abin da gwajin ya nuna. Muka koma tsoka, asarar ta tsaya, amma riba ba ta zo ba. Ƙanin mijina ya yi ta koyon yanka siriri, wata rana ya fitar da arba'in da biyar, rabinsu a yage, suka ƙone a wuta. Ya mai da tsinke ɗari da hamsin, 'yan benskin suka gaishe shi da kyau, suka tsallaka titi. Ya nemi sauran masu gashi a ƙara tare, suka ce su nasu yana fitar da su. Ban ga laifinsu ba. Wataƙila suna da hannu irin na Malam, wataƙila kuma ba su taɓa aunawa ba.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne yanzu na san komai. Ina kallon nama a leda in san abin da zai rage. Ina jin farashin kaza in san gida ɗaya nawa zai tsaya. Kullum da safe ina miƙa kuɗin kasuwa ina sane da abin da zai dawo, kuma ina miƙawa, domin ban iya cewa a rufe wurin Malam yana ji ba.

Ƙaninsa ne ya faɗa, bayan ƙaramar salla. Ya durƙusa gaban yayansa ya ce an samo masa aikin lodin albasa a kasuwar Sandaga, kuma akwai wani Bakatsine da bai daɗe da zuwa garin ba, yana son wurin. Ya ce, “Yaya, ka yafe mini. Na yi iya yina.”

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗora hagunsa a kafaɗarsa.

Ni yanzu farfesun ƙafar saniya nake yi da safe a ƙofar gida, maƙwabciyar ce ta taya ni fitar da farashin kwano. Yana biyan haya da rabin magani, sauran 'yan'uwa ke cikawa. Ranar da za mu asibiti wurin masu motsa masa jiki, taksi takan bi ta mahaɗar. Bakatsinen yana nan, mutane a tsaye gabansa. Wani lokaci ina so in sauka in tambaye shi tsinke nawa yake samu a kilo, amma ba zan iya barin Malam shi kaɗai a mota ba, direba kuma ba ya jira.