Shayin Baƙi a Shagon Dilbar

Dilbar ta tsufa a shagonta na birnin Khujand, kullum ana ciniki, riba kuwa shiru. Da Dilbar ta gaji, 'yarta Nigina ta rubuta mata tsarin kasuwanci a shafi ɗaya: masu saye, kayan da ke tafiya, kuɗin haya da sari, da cinikin da zai rufe su kullum.

Dilbar ta karanta tana matsa gwiwa. "Ina shayi da alewar baƙi?"

"Mama, shago ne, ba gidan biki ba."

"Maƙwabciya ta shigo in bar ta haka? To naɗe burodi da takardarki."

Nigina ta nisa, ta ƙara layi: kuɗin shayin baƙi, somoni goma kullum.

Washegari, kafin azahar, somoni goman sun ƙare. Dilbar ta dubi takardar, ta sake ɗora buta.