Hoto Daga Ɓangaren Maza

Huseina maƙwabciyata ce a unguwar Alsahafa, kuma ban taɓa ganin mace mai taurin kai irin nata ba. Iyayenta cirar auduga suka yi a yankin Jazira kafin su dawo Khartum. Ita kuwa ta bar makaranta da wuri, ta koyi buga takardu a wani ɗan shago a kasuwar Suk al-Arabi, can take har yau. Ƙanenta Ishaku ya makance tun yana yaro, amma ya kai shekarar ƙarshe a karatun shari'a. Kwamfutarsa tana karanta masa rubutu da murya, sai dai ba ta san abin da ke cikin hoto ba. Saboda haka 'yan matan ajinsu kan ɗauki hoton farin allo da waya su turo, Huseina ta mayar da shi rubutu.

Aikin da wahala. Mata suna zama ɓangaren hagu ne, maza a dama, don haka kullum allon a karkace yake zuwa, gefe guda da faɗi, ɗayan a tsuke. Layuka su yi ta gangarawa, har lambar wani layi ta zama kamar ta na ƙasa ce. Sai ta ja kusurwoyin hoton huɗu a kwamfuta har allon ya miƙe, sannan ta fara bugawa. Inda ba ta gani ba, sai ta rubuta "akwai giɓi". Na sha ce mata ta cike da abin da ya fi kama, ta harare ni.

"Shi zai ji kamar gaskiya ne, ya Sittana. Ya zai yi ya gane?"

Ana gab da jarrabawar gado, malaminsu ya warware wata doguwar mas'ala a allo, ya ce irinta za ta fito, ya yi tafiyarsa garin Madani. Aka goge allon. Ishaku yana ajin, amma abin da ya ji kawai shi ne "ka ɗauki wannan ka haɗa da wancan". In ya faɗi gado, zai maimaita shekara, ga shi ya riga ya ce ya gaji.

Hotuna uku aka turo, duka ukun da farin tabon hasken taga a kan rabon uwa da na 'yan'uwa. Huseina ta rage haske, ta ƙara duhu, tabon ya koma toka-toka, babu ko ɗigon tawada a ƙarƙashinsa. Ranar na ga ta ture shayinta, abin da ba ta taɓa yi ba.

Can ta tuna yadda gilashin shagonsu ke kashe ido, amma da ka gusa sai ƙyallin ya bar wurin. Matan nan duk daga gefe ɗaya suka ɗauka, dole tabon ya zauna wuri guda. Hoton ɓangaren maza ake nema. To, mazan ajin ragwaye ne, Allah ya shirye su, jira suke mata su turo musu.

Sai Ishaku ya ce, "Yaya, Mika'ilu da ke zama kusa da ni, na ji mubayil ɗinsa ya yi ƙarar ɗaukar hoto ranar."

Muka hau bas zuwa gidan su Mika'ilu a Omdurman, ni 'yar rakiya. Mika'ilu ya rantse bai ɗauki allo ba, kuma bai yi ƙarya ba. Sai da Huseina ta zauna a tsakar gidansu ta ce ba inda za ta, sannan ya miƙo wayar. Ashe Awadiyya, 'yar ajinsu, ya ɗauka, lokacin da malam ya kira ta ta cike layin ƙarshe. Ga ta tsaye da alƙalami, ga allo a bayanta ya karkace ta ɗaya gefen, ƙyallin ya koma kan wurin da muke da shi tuni.

Ya shiga roƙonta. "Alek Allah, don Allah, ya Huseina, ki yanke ta kafin kowa ya gani."

"Khalas, shi ke nan, na yanke. Amma ka je ka gaida babanta, ka daina satar hoto."

Ta miƙe allon, ta jera shi da na matan, ta bi layi-layi da yatsa. Da la'asar muka zauna, kwamfutar Ishaku tana karantowa da muryar nan tata mai kama da ta mai mura. Ta wuce rabon mata, ta wuce na 'ya, ta iso na uwa, ta faɗi sudusi, ta ci gaba. Har ƙarshe ba ta ce "akwai giɓi" ba. Wallahi sai da na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Ishaku ya ci jarrabawar. Ranar da ya shigo da labarin, Huseina ba ta yi guɗa ba, ni na yi mata. Ita dai ta zauna a bakin gado, ta cire tabarau, ta daɗe tana murza idanunta da suka yi karatun mutum biyu.