Pilot ɗin da Taubashina Ya Sa Mini

Ina da ɗan shago a Madawa inda nake haɗa bidiyon biki da suna. Ordinatar ɗina, wato kwamfuta, tsohuwa ce. Ba na sa mata komai sai na ajiye kwafinsa a kile, wato filashi, na rubuta lambarsa a takarda. Mutane na yi mini dariya kan haka.

Wata Laraba ina aikin bidiyon sunan jikan wani Alhaji na Tamaske, sai hoto ya soma tsalle yana tsayawa. Fitar da fim da ke ɗaukar minti arba'in ya koma neman awa huɗu, fanka na ihu. Ga shi mahaifin jaririn zai koma Abijan washegari, kuma da la'asar direban motar Tamaske zai karɓi fim ɗin. Sau uku ina duba ko ni na taɓa wani abu.

Ashe taubashina ne, mai takardar difloma daga Tawa, wanda bai taɓa haɗa bidiyon minti ɗaya ba. Ina masallaci ya zauna ya sa sabon pilot na kart grafik, wato abin da ke sa ordinatar ta yi aiki da katin hoto. Da na kira shi, ya shigo yana sakace.

"Kai bawana, gyara na yi maka. Naka ya shekara uku."

"Shekara uku yana aiki. Naka ko wuni bai yi ba."

"An hiddo wani wanda ya fi shi sabunta. Ɗauko shi. Mi ɗan firamare ya sani?"

Iliminsa ke nan duka: babbar lamba ta fi ƙarama. Duk da haka na yi ta wasiwasi, don an ce sabon pilot na toshe ɓaraka. Amma da na buɗe manhajar haɗa bidiyon, wadda ita ma tsohuwa ce, na ga wurin zaɓen katin ya dushe. Ba ta gane sabon pilot ba, ta jibga wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar ordinatar, aikin duka. Wanda ya fi shi sabunta ma ba za ta gane shi ba.

Maɓallin komawa tsohon pilot ya ƙi dannuwa, don gwanin ya share tsohon kakaf. Na cire intanet don kada ordinatar ta ɗauko wani da kanta, na goge nasa, na kashe na kunna. Rubutu ya fito manya-manya, don babu pilot.

"Ka kashe ta!" in ji shi, har da tafi.

Na sa tsohon daga kile, na sake kunnawa, na zaɓi katin a manhajar. Hoto ya tafi sumul.

Ya ce, "To ai dama haka nika shirin ce maka."

Fim ya fita, na kalle shi daga farko har ƙarshe don zuciyata ta ƙi yarda, direba na ta oda a bakin shago. Ya karɓa yana zagina, ya ja motarsa.