Muryar Inna a Akwatin Auta

Duk layin Yaya Tela suke ce mata. Shekara ashirin tana kan keken ɗinki, bakinta cike da allurai, amma hakan bai taɓa hana ta faɗa ba. Ita ta riƙe ƙanenta Auta tun yana yoyon majina, kuma shi ya saita mata wayarta ta farko. Da ta ce ba ta da imel, sai ya sa nasa, wai ai duk ɗaya ne.

A wayar nan muryar mahaifiyarsu take. Inna ba ta iya rubutu ba, sai saƙon murya a WhatsApp, rabi addu'a rabi mita. Bayan rasuwarta Yaya Tela kan kunna ɗaya tana yankan yadi. Ta sha tambayar Auta ko muryar tana da wata ma'ajiya.

"Kwantar da hankalinki, Yaya, kullum wayar tana tura kwafi can cikin asusuna."

Ranar da wayar ta faɗa bokitin wanki ta mutu murus, ko a jikinta. Ta sayi sabuwa, ta ja Auta zuwa rumfar mai gyaran waya. Aka sa tsohon layinta, Auta ya buga imel ɗinsa da lambar sirri. Lambobin kwastomomi suka dawo reras, manhajoji suka fara sauka. Aka buɗe WhatsApp, aka tabbatar da lamba. A nan ne wayar kan ce ta ga ajiya, a maido? Amma wannan karon sai wayar ta wuce kai tsaye tana tambayar suna.

"Layin nan ne, imel ɗin nan ne?" in ji mai gyara.

"Su ne," in ji Yaya Tela.

Ya leƙa ma'ajiyar asusun. "Hajiya, babu ajiyar hira a nan. Wurin ma a cike yake maƙil da bidiyo."

Auta ya hau sosa ƙeya. Da ƙyar maganar ta fito: bara, lokacin bikinsa, wuri ya cika, saƙo ya daina shigo masa. Ajiyarta ce ta fi cin wuri, sai ya goge. Don kada ta sake hawa, ya karɓi wayarta da sunan zai gyara mata sauti, ya kashe turawar.

"Na ce ai saƙonnin Inna suna cikin wayarki, Yaya. Wa ya san za ta faɗa ruwa?"

Ka ji ɗan banzan wayo. Gogewar ba ta ƙona mata rai kamar tambayar da ta yi masa har sau biyu bayan bikin ba, yana kallon tsabar idonta yana cewa komai na nan. Da ya faɗi gaskiya, da tuni an kwashe mata su.

"A buɗe miki naki imel ɗin?" mai gyara ya tambaya a hankali.

"Buɗe. Ka kwashe min lambobina, ka cire imel ɗinsa."

Auta ya miƙo hannu zai riƙe mata jaka. Ta mayar da ita ɗaya kafaɗar.