Yaya Rediyo Ta Ajiye Aiki a Layi Biyar

A ofishinmu ba mai tambayar Yaya Rediyo ya ta kwana sai wanda ba shi da aikin yi. Ka ce mata ina kwana, sai ka ji labarin famfon gidansu, da haƙorin autarta, da direban da ya kusa taka ta a mararraba. Ni na raɗa mata sunan, kuma ta san ni ce, har yau ba ta yafe ba. Teburinmu a haɗe yake, allon katako ne kawai tsakaninmu, ta cike nata gefen da hotunan 'ya'ya.

Kamfanin na rarraba kayan gini ne, ita ke tsara fitar motoci: wace mota, wane direba, wane kaya, zuwa ina. Surutun nan da muke yi wa dariya shi ne jarinta. Ɗan kasuwa zai kira yana tafasa saboda simintinsa bai iso ba, ta ja shi da hira har ya ƙare da tambayar lafiyar yara. Idan wani a cikinmu ya haihu, ita ce kan gaba wajen barka. Da aka kwantar da mahaifiyata, kullum sai ta biyo asibiti bayan an tashi, ta cika ɗakin da zance har tsohuwa ta manta da ciwo.

Abu ɗaya ne ba ta surutu a kai. Sau biyu kujerar shugaban sashe tana buɗewa, sau biyu Manaja yana tsallake ta, na biyun ma wanda ita ta koya wa aiki ya ba. Ta yi masa murna, ta koma teburinta. Ni ce na yi ta zage-zage a madadinta.

Rannan da hantsi ta leƙo ta saman allon ta ce, "Ƙanwata, zo ki duba mini wani abu."

Wani kamfani ya ɗauke ta, shugabar sashe sukutum. Takardar ɗaukar tana hannunta, da sharaɗi guda: za su kira Manajanmu su ji shaidarsa a kanta kafin su tabbatar. Abin da take so in duba imel ne na ajiye aiki. Na kama linzamin kwamfuta ina ja, ina ja, rubutu ya ƙi ƙarewa. Ta faro tun daga ranar da aka ɗauke ta. Akwai hutun da aka katse mata, da kujerar da ta karye aka ƙi canjawa, da ƙarin girman nan guda biyu, har da cewa Allah na gani. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma duk tsawon nan, ba ta faɗi ranar da za ta bar aikin ba.

"Yaya, wannan ai ƙara kika shigar," na ce. "Mutumin da za a kira gobe a tambaye shi halinki, shi za ki aika wa wannan? Kuma sashen ma'aikata za su sa shi a fayil ɗinki, ya zauna har bayan ranmu."

"To ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ba. Amma idan aikin can ya suɓuce, na nan kuma kin riga kin saki, sai ki ce mini me?"

Ta ja kujera ta ba ni wuri. Muka shiga yanka. Duk sakin layin da na goge sai ta dafe ƙirji kamar ɗanta na mara. Na tambaye ta wa'adin sanarwa da ke cikin yarjejeniyar aikinta, ta ce wata guda, muka duba kalanda. A kan ƙarin girman muka fi daɗewa.

"Ki bar mini ko layi ɗaya," in ji ta.

"Ko rabi."

Abin da ya rage ke nan:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na jami'ar tsara fitar motoci. Bisa wa'adin wata guda, ranata ta ƙarshe ita ce ƙarshen watan gobe. Na gode da damar da aka ba ni da abin da na koya a nan. Kafin in tafi zan rubuta bayanin miƙa aiki, in kuma nuna wa wanda zai gaje ni. Ina yi wa kamfani fatan alheri."

Ta karanta ta taɓe baki. "Kamar saƙon banki." Ta sa adireshin Manaja, ta sa kwafi ga sashen ma'aikata, ta yi bismilla ta aika. Ni kuwa na koma teburina ina jin kaina.

Ko shayina ban shanye ba Manaja ya buɗe ƙofarsa. Dattijo ne mara magana, irin wanda gaisuwarsa ɗaga gira ce. Ya kira ta, ya dube ni ya ce, "Har ke." Muka shiga ofishinsa.

"Wa ya rubuta wannan?" Ya juyo mana fuskar kwamfutarsa.

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

"Ke da kike rubuta mini shafi guda a kan tayar mota?" Ya kalle ni, na sunkuyar da kai ina nazarin takalmina. "Saƙon ya yi daidai, shi za a sa a fayil. Amma da na karanta sai na ji kamar baƙuwa ce ke sallama da ni. Ina sauran?"

Na tsunkule ta a ɓoye. A banza. Yaya ta gyara zama ta kwance masa buhun nan kaf, hutu, kujera, komai, sai dai a baki abin ya fito da taushi, har da dariya a wajen kujerar. Da ta iso kan ƙarin girman muryarta ta karye. Ta ce, "Ni dai ban taɓa sanin laifin da na yi ba."

Manaja ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Ba ki yi laifi ba. Idan na ɗaga ki, wa zai riƙe mini motoci? Abin da na duba ke nan, duka biyun. Na ce ai ke ba za ki tafi ko'ina ba." Ya mayar da tabaraun. "Son kai ne. Ki yafe mini."

Wallahi na ji haushinsa a lokacin kamar in jefe shi da abin huda takarda, kuma na ji tausayinsa. Yaya ta share ido da gefen mayafinta. Ba ta ce ta yafe ba tukuna. Ta tambayi abin da ya hana ta sukuni.

"Za su kira ka, ranka ya daɗe. Me za ka ce musu?"

"Zan ce su riƙe ki da kyau, kada su yi wautar da na yi."

Wayar teburinta ta hau ƙara, wani direba ne ya ɓata hanya da kayan mutane. Ta miƙe, ta ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya," ta fita ta ɗauka.