Shekarar da Na Daina Karin Kumallo

Ciwon gwiwa ne ya kai ni asibiti. Na yi shekaru ina taka keken ɗinki a ɗan shagona da ke bakin kasuwar Sabon Tasha, ina ɗinka wa matan zumunta na cocinmu anko, jiki yana ta ƙaruwa ban damu ba. Tela ba ta sanin ta yi ƙiba da wuri, don in riga ta matse ta sai ta farke gefe ta ƙara ƙyalle. Sai da ta kai ga in na zauna a bencin coci ba na iya miƙewa sai na dafa kafaɗar ta kusa da ni. Likitar da ta duba ni, wata mata mai magana a hankali, ta ce kaya ne suka yi wa gwiwar yawa, in ban rage nauyi ba keken zai gagare ni nan ba da daɗewa ba. Na fito raina a ɓace. Da keken nan na biya wa yarana makaranta, kuma na ƙudura a raina ba zan sauka daga kansa don tuwo ba.

'Yata ta fari, wadda ke aure a Kamazou, ita ta turo mini dabarar a waya. Turawa suna da sunan da suke kiranta, mu dai a shago muka sa mata azumin agogo. Mutum zai tattara cinsa na yini cikin awa takwas, sauran awa goma sha shida kuwa, har da na barci, ba ya cin komai sai ruwa ko shayi marar madara da suga. Na ce in dai wannan ne ai da sauƙi, mu da muka saba azumin farkon shekara a coci. Duk da haka na koma wurin likita na tambaya. Ta auna mini suga da hawan jini, ta tambaye ni ko ina da gyambon ciki, ko akwai maganin da nake sha wanda sai da abinci, ko na taɓa shiga halin horar da kaina da yunwa ko yin amai da gangan don tsoron ƙiba. Duk na ce babu. Ta ce to in gwada, amma kada in ɗauka akwai wani sirri a ciki. Wannan ƙarshen maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Na zaɓi in fara ci da tsakar rana in rufe da dare. Watan farko na riƙe agogo tsakanina da Allah, ko gyaɗa ɗaya ba ta shiga bakina da safe. Amma da rana ta take sai in zauna kamar mai ramuwar gayya. Shinkafa da miya a cika faranti, a bi da masa, a kora da kunun zaƙi mai sanyi, da dare kuma tuwo malmala uku, wai ai ina cikin lokacina. Da na hau ma'auni a asibiti, allurar tana nan inda na bar ta. Na ce wa likita ma'auninsu ya lalace. Ta sa na lissafa mata abin da nake ci, ban kai ƙarshe ba ta fara murmushi. Ta ce agogo ba ya narkar da kitse. Abin da ya sa wasu ke ramewa da wannan hanya shi ne in lokacin ci ya ragu, yawanci abin da ake ci ma yana raguwa, wanda kuwa ya cusa abincin yini guda cikin awa takwas bai rage komai ba. Ta ƙara da cewa mai rage loma a kowane ci da mai bin agogo kusan wuri ɗaya suke isa, abin dubawa kawai wanne mutum zai iya jurewa.

Na ji kunya, amma kunyar ta yi mini amfani. Na rage tuwo, na ƙara ganye da wake, na rabu da lemon kwalba, na riƙa takawa da ƙafa daga gida zuwa shago. A hankali jiki ya fara sauka. Gaskiya ni agogon ya fi mini sauƙi, don ni mace ce da in aka ce ci kaɗan ba na sanin inda kaɗan ya ƙare, amma in aka ce lokaci bai yi ba zan iya kame bakina. Na fara rage ƙugun siket ɗina, abin da ban taɓa yi wa kaina ba. Matan zumunta suka yi ta zuwa shago suna tambaya. 'Yar tawa ma ta ce za ta fara, alhali tana shayar da jariri. Na ce kul, don likita ta gaya mini mai ciki da mai shayarwa da yaran da ke tasowa da tsofaffi masu rauni duk ba nasu ba ne, haka mai ciwon suga da ke shan magani sai da izinin likitansa.

Wannan na ƙarshen a gidana yake. Maigidana ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, daga baya ya sami keke napep yana jigila tsakanin Sabon Tasha da Kamazou. Ya daɗe da ciwon suga, yana shan ƙwaya kullum da safe tare da abinci. Ko azumin coci fasto ya ɗauke masa. Saboda haka ban taɓa fasa yi masa karin kumallo ba. In tashi in dama masa kunu ba suga, in soya ƙosai ko in dafa alale, in rufe a kan tebur, in yi sauri in fice shago kafin ƙamshin ya karya mini niyya. In na dawo in tarar da kwano a wanke, in ce madalla.

Wata safiya cikin damina, ina tsakiyar yankan yadi, sai ga wani abokin aikinsa, wani Malam daga Makera da suke layi ɗaya a tasha, ya tsaya a ƙofar shago ya ce in rufe in biyo shi, maigida yana asibiti amma da sauƙi. A hanya ya ba ni labari. Wai ya hango keken maigidana a gefen titi, fasinjoji sun sauka suna faɗa, suna cewa direba ya sha giya da sassafe. Ya tarar da shi jiƙe da gumi, hannu yana rawa, magana ba ta fita daidai. Shi ya san mutumin ba ya sha, ya kuma san da ciwon, sai ya sayi lemon kwalba ya ba shi tunda yana iya haɗiya, da ya ɗan dawo hayyacinsa ya kai shi asibiti. Na ce to yaya aka yi haka, mutumin da ya karya kafin ya fita? Malam ya ce, "Madam, ai ƙosan nan mu muke cinyewa a tasha. Ya daɗe yana kawo mana a leda."

A asibiti na tarar da maigida zaune a kan gado, yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama. Likitan da ya karɓe shi ya yi mana bayani a gabansa. Irin ƙwayar da yake sha tana tura suga ƙasa ko mutum ya ci ko bai ci ba, in ciki babu komai sai sugan ya faɗi fiye da kima, daga nan sai jiri da ruɗewa, in ba a yi sauri ba sai suma, wani lokaci ma a rasa rai. Ya ce sauran ranakun da ya tsira sa'a ce kawai, wataƙila yana ɗan tauna wani abu a hanya. Ni abin da ke yawo a kaina shi ne babban titin da yake bi da tireloli, da fasinjoji a bayan kekensa.

Sai da likita ya fita na juya kan maigida. Na zaci kishin ramata yake yi, shi ma yana so ya rage tumbi, har na fara yi masa faɗa a kan haka. Ya bari na gama tas.

"Ni ba azumi nake yi ba," ya ce. "Tun da na auro ki ban taɓa karyawa ni kaɗai ba. Na zauna, na buɗe kwanon, abin ba ya wucewa."

Gaskiya ne, kwano ɗaya muke ci tun muna ɗaki ɗaya a Nasarawa, har yara suna yi mana tsiya a kai. Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ya ga gwiwar ta fara sauƙi, ina dariya, bai so ya zama shi ne zai ɓata mini.

A ranar na nemi likitata na gaya mata komai. Na ce ba zan koma gidan jiya ba, kuma ba zan bar mutumin nan ya sake hawa titi da ciki wayam ba, ta nemo mini hanya. Ta ce ai hanyar tana hannuna, agogon ba dole ba ne. In ina so in dawo da cin nawa safe in rufe da wuri da yamma, in kuma hakan zai bar shi shi kaɗai da abincin dare, in watsar da agogon gaba ɗaya in riƙa cin sau uku ina rage yawa. Shi dai dole ya ci nasa a kan lokaci. Na zaɓi na biyun, wanda na san ya fi mini wuya. Na yi watanni ina faɗa da hannuna a kan malmala ta biyu, nauyin yana sauka a hankali fiye da da, wani watan ma ya tsaya cak, amma ban saki tsarin ba.

Washegarin da aka sallame shi na soya ƙosai, na ajiye kwanon a tsakaninmu, na ajiye ƙwayarsa da ruwa a gefe, na ja kujera na zauna. Cikina ya riga ya saba da rashin ci da safe, ko sha'awar abincin ba na yi. Na ce masa ya ci, ina nan ina kallonsa, ba inda zan je sai na ga bayan kwanon. Ya dubi ƙosan, ya dube ni, ya naɗe hannuwansa.

"Ke fara," ya ce.

Na ɗauki ɗaya na gutsura. Sai da ya ga na haɗiye sannan ya miƙa hannu.