Gefenta na Kwano

Tun da maigidana ya rasu, 'ya'yan kuma suka watse zuwa Kano da Zariya, sana'ar gumi ce ta riƙe ni. Manoma su kawo shinkafa shanshera daga gonakin bakin kanal, mu jiƙa ta, mu turara a rabin duro, mu shanya a tabarmi har ta bushe, kafin a kai inji. Aikin ƙugu ne da kafaɗa. Ni ba ni da yawan magana, kuma mutanen unguwarmu ba sa son zama kusa da ni, wai idona ya cika bin mutum. Ban musa ba. Ina bi.

Mutum ɗaya ce ba ta tsoron idon nan. Kirista ce, daga can kan duwatsun wajen Jos, ta biyo mijinta aikin tumatir a Kadawa, shi ya mutu, ita ta zauna. Kowa Maman Biyu yake ce mata, saboda tagwayenta mata da suka yi aure a garinsu. Ni kuwa Iya Soja take ce min, a gaban kowa, ba kunya. Murhunmu ɗaya, duronmu biyu. Da rana ta take sai mu ja kwano ɗaya ƙarƙashin dalbejiya, ni in yi bismillah, ita ta rufe ido ta yi tata addu'ar, mu sa hannu. Shekaru muna haka. Abincin dare ni kaɗai nake ci, saboda haka na rana shi ne abincina na gaske.

Dukanmu biyu muna da ciwon ƙahon zuci, kuma dukanmu olsa muke ce masa, kamar yadda rabin matan Kura ke cewa. Amma ni na lura ba iri ɗaya ba ne. Nawa da yunwa yake zuwa, ya riƙa cizo kamar an zuba barkono, da na sa loma biyu sai ya lafa. Nata kuwa abinci ne ke tayar da shi. Sai ta ci, jim kaɗan in ga ta dafe saman cikinta da tafin hannu, ta yi shiru, ita da bakinta ba ya hutawa.

Wata shekara da rani na fara ganin gefenta na kwano ba ya raguwa. Nawa ya yi rami, nata yana nan tsaye kamar kunyar gona. Takan ɗauki loma ta yi ta juya ta a hannu tana ba ni labari, don kada in gane.

Na ce, "Maman Biyu, tuwon ne bai yi miki ba?"

Ta ce, "Kai, Iya Soja! Yanzu har lomar mutum kike ƙirgawa? Su wa suka ba ki aikin nan, gwamnati?"

"Ba wanda ya ba ni. Ci."

"Na ƙoshi."

"Da me? Da iska?"

Ta yi dariya, amma ba ta ci ba. Zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Tafin hannunta, da muka saba gani ja saboda aiki, ya koma fari-fari. In ta ɗaga kwandon shinkafa sai ta tsaya tana haki.

Ta je an yi mata sikanin a cikin gari, irin wanda ake shafa mai a ciki a goga na'ura. Aka ce ba a ga komai ba. Ta dawo da takardar tana kaɗa min ita a fuska, wai ga shi nan, lafiyarta ƙalau. Ni ban iya karatu ba, amma na ga gefenta na kwano har yanzu ba ya raguwa.

A cikin makon ne ɗaya daga tagwayen ta kira ta a waya, ina zaune ina ji. Ta ce in dai ba ta warke ba kafin a gama girbin rani, za ta zo da mota ta ɗauke ta gida, ba shawara. Maman Biyu ta ajiye wayar ta ce, "Kin ji yaran zamani." Na dubi kwanon ne kawai.

Abin da ya ɗaga ni shi ne ranar da ta faɗa min, a hankali, tana kallon wuta, cewa bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wari. Ban jira ta gama ba. Na kashe murhu, na rufe shinkafar mutane da buhu, na ce ta ɗauko mayafinta. Muka hau mota zuwa babban asibiti a Kano, tana ta mita a hanya wai na mai da ita ƙaramar yarinya.

Likitar mace ce, ba ta kai shekarun 'yata ta fari ba, amma tana da nutsuwa. Ta duba idonta, ta danna cikinta, ta tambaye ta yaushe ciwon ke tashi. Ni na amsa. Na faɗi nata, na faɗi nawa ma ba a tambaye ni ba, na ƙara da cewa ai a bayyane yake, tunda nawa abinci ke kwantar da shi nata kuma tayarwa, to ɗayanmu ce mai olsar gaske, kuma ni ce.

Likitar ta ce, "Iya, abin da kika lura da shi yana da amfani. Sau da yawa gyambon da ke bakin hanji, can inda abinci ke fita daga tumbi, shi ne mai lafawa in an ci. Wanda ke cikin tumbin kansa kuma yakan tashi bayan cin abinci. Amma wannan alama ce kawai, tana yaudara. Akwai kuma wanda ba shi da gyambo ko kaɗan, bangon tumbinsa ne ya yi ja ya kumbura, kuma zafin iri ɗaya yake ji. Daga waje ba mai iya rabewa, ko ni."

Na ce, "To sikanin fa?"

Ta ce sikanin yana ganin hanta da matsarmama, in akwai tsakuwa ya nuna, amma ba ya ganin gyambon tumbi. Sai an zura siririyar roba mai kyamara ta baki an leƙa.

Na gane zancenta da duro. Akwai duron da tsatsa ta bi cikinsa duka amma yana riƙe ruwa, akwai wanda wuri ɗaya ya ci har ya fara ɗiga. Kana tsaye daga nesa duk baƙaƙe ne.

Sai ta tambayi Maman Biyu me take sha in jikinta ya yi tsami. Maman Biyu ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin leda, irin haɗin ƙwayoyin nan na gajiya da ake sayarwa a kemis, wanda kusan duk mai aikin gumi da 'yan ƙwadagon gona ke sha. Ita safe da yamma take sha, sau da yawa ba komai a cikinta, don in ba shi ba ƙugunta ba ya miƙewa. Likitar ta baje su a tafin hannu, ta ware biyu ta ce waɗannan masu kashe ciwon gaɓoɓi ne, kuma su ne ke cinye bangon tumbi har ya yi jini. Baƙin bayan gidan nan jini ne da ya narke.

Aka kwantar da ita ranar. Aka auna jininta, ya yi ƙasa sosai, aka yi mata ƙari. Da safe, ba ci ba sha, aka fesa mata wani abu a maƙogwaro aka zura robar. Ina zaune a benci a waje da takalmanta a cinyata. Da aka fito da ita, muryarta a dishe, abin da ta fara cewa shi ne, "Iya Soja, an ga cikina kaf, ba a ga kuɗinki ba."

Gyambo ne a cikin tumbi. An tsinko ɗan nama kaɗan daga gefensa don a tabbatar ba mugun ciwo ba ne, a kuma duba wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbin mutane da yawa. Kwanakin jiran sakamakon nan ban yi gumin shinkafa ba. Da ya fito, ba mugun ciwon ba ne. Ƙwayar cutar kuwa tana nan. Aka ba ta magunguna na mako biyu, da na rage tsamin ciki na tsawon lokaci, aka ce ta dawo a sake leƙawa a ga ko ya rufe.

Ni ma likitar ba ta ƙyale ni ba. Ta ce in ajiye kafson olsar da nake saye ina sha, har mako biyu, in ba haka ba gwajin bayan gida zai ce ba ƙwayar alhali tana nan. Na ajiye, na sha wuya, aka gwada, aka same ta. Saboda shekaruna ni ma aka zura min robar. Ba gyambo. Bangon ne kawai ya yi ja. Maman Biyu ta yi dariya har da tari.

"Shekara nawa kina mana taƙama da olsa? Ashe ko ita ba ki da ita!"

Na ce, "Rufe min baki ki sha maganinki."

Ta warke. Na ga ranar da gefenta na kwano ya sake yin rami. Ɗanwake ne, ta cinye nata ta tsallako nawa, na buge mata hannu. Da aka sake leƙawa, gyambon ya rufe. Na ce a raina shi ke nan, motar nan ba za ta zo ba.

Amma likitar ta riga ta ce ƙwayoyin gajiyar nan ita da su har abada, in ta koma jinin zai iya dawowa. Aka ba ta farasitamol. Ya ɗan taimaka, amma bai kai ga ɗaga kwandon jiƙaƙƙiyar shinkafa ba. Sai in ga ta sunkuya ta kasa miƙewa, ta dafa duro tana cije leɓe. Na riƙa ɗaukar nata da nawa, ni ma ƙuguna ba na yarinya ba ne.

Wata safiya na hango ta tsaye a ƙofar kemis, tana juya bakin zanenta. Ba ta shiga ba tukuna. Ta waiwayo ta gan ni. Muka kalli juna daga nesa, ta sauke kai ta wuce. Na san gobe ko jibi za ta shiga, ranar da idona ke wani wuri.

Da rana, muna cin abinci, na ce, "Kira 'yarki."

Ta ce, "Korata kike yi?"

"Korarki nake yi."

Ta ajiye lomar hannunta. Sannan ta ce, "To wa zai riƙa ce miki Soja?" Na tura mata sauran naman.

Motar ta zo bayan girbi. Ta bar min duronta da muciyarta. Tana kira wani lokaci, ta ce tana cin gwate har kwano biyu, ta tambaye ni ko har yanzu ina gadin unguwa.

Ciwon ƙahon zucina ya tafi tun da na gama maganin. Yanzu ba abin da ke tuna min lokacin abinci ya yi, sai in kai la'asar ban ci ba. In na zuba, a kwanon nan nake zubawa, don ba ni da wani mai kyau kamarsa. Na gwada ci daga tsakiya, hannuna ya ƙi. Daga gefena nake ci, in na ƙoshi in rufe sauran.